Kwana biyar babu amsa: wane saƙo ya kamata a tura?

A ce mai dalilin aure ta haɗa wani malamin makaranta da wata ma'aikaciyar jinya, ta ba shi lambarta. Sun yi mako guda suna hira a WhatsApp. Ranar Alhamis ta gaya masa mahaifiyarta na kwance a asibiti, ana sa ran sallama ranar Litinin. Daga nan sai tsit. Yau Talata, yana ta buɗe waya yana rufewa.

Abin da yake kallo 'yan alamomin nan ne da ke ƙasan saƙo, kuma yawancin mutane suna ɗora musu ma'anar da ba su da ita. Alama ɗaya mai ruwan toka na nufin saƙon ya bar wayarsa amma bai isa tata ba: ko data ta ƙare, ko babu caji, ko an ƙwace wayar. Biyu masu ruwan toka, ya isa. Idan sun koma shuɗi, an buɗe. Tun 2014 WhatsApp ya kawo shuɗin nan, kuma ana iya kashe shi, don haka rashin ganinsa ba hujja ba ce ta cewa ba a karanta ba. Duk labarin waya suke bayarwa. Inda kawai suka ɗan taɓa zuciya shi ne idan alama ɗaya ta tsaya kwana da kwanaki, hoton mutum ya ɓace, kira kuma ba ya shiga. Wannan ya fi kama da an toshe lamba, kuma neman ta ta wata lambar kutse ne.

Shirun mace a maganar aure kuwa yana da dalilai da yawa a wajenmu. Wataƙila istihara take yi. Wataƙila ta kai maganar gida, an ce ta dakata sai an yi bincike. Akwai jan aji, akwai kuma kunyar cewa a'a, wadda a ganina ita ta fi yawa, domin an tarbiyyantar da mu a kan cewa fitowa fili a ƙi mutum rashin kara ne. Saƙo mai kyau shi ne wanda ya dace da kowanne daga cikin waɗannan, tunda bai san wanne ne ba.

Ga irin wanda zai iya turawa, da rana ko bayan la'asar, ba ƙarfe ɗayan dare ba:

"Assalamu alaikum Malama, ya mai jiki? Na tuna kin ce jiya za a sallami Umma, Allah ya ƙara sauƙi. In kin samu sarari ma ci gaba da hira. In kuma kin ga abin bai kwanta miki ba, ba komai wallahi, Allah ya zaɓa mana mafi alheri."

A lura bai ƙirga mata kwanaki ba. Da zarar ya ce "yau kwana biyar ke nan", ya mai da gaisuwa bin bashi, dole ta fara da ba da haƙuri kafin ta ce komai, mutum kuwa yakan guji hirar da za ta fara da kare kai. Haka "na gan ki a online", wanda ke nuna mata gadinta yake yi. Haka ma "ko na yi laifi ne?", wanda ya yi kama da tawali'u alhali aikin lallashi yake ɗora mata. Tambayarsa ɗaya ce, ta jikin Umma, wadda "da sauƙi" ma ta isa amsa. Jimlar ƙarshe ita ce mai wuyar rubutawa, domin ya miƙa mata hanyar fita da hannunsa, amma ita ce ke sauke mata nauyin kunyar nan.

Tsawon saƙon ma yana da dalili. Manhajar Muzz, wadda Shahzad Younas ya kafa a Birtaniya don Musulmi masu neman aure, tana ba da damar sanya waliyyi ya riƙa ganin hirar. A gidajenmu ko babu manhaja, yaya ko ƙawa na iya karantawa. Layi huɗu masu ladabi sun fi muryar minti shida ta ƙorafi kyan gani a idonsu.

To idan ta amsa? Amsar da ta zo da bayani ko da tambaya, irin "ya makaranta?", alama ce ta a ci gaba, kuma kada ya tayar da zancen shirun. "Lafiya lau, na gode" tsurarta, ba ƙari, sau da yawa sallama ce cikin mutunci.

Idan kuma mako ya sake zagayowa babu komai, babu saƙo na biyu. Sai ya kira mai dalilin: "Hajiya, na ji shiru, in da hali a ɗan ji mini ta bakinta, kada dai a takura mata." Abin da budurwa ko bazawara ba za ta iya faɗa wa namiji ba, takan faɗa wa Hajiya a cikin minti biyu.