Yadda Spotify Ke Haɗa Daily Mix da Yadda Ake Gyara Shi Bayan Aron Asusu

Daily Mix jerin waƙoƙi ne da manhajar Spotify ke haɗa wa kowane mai sauraro tun daga shekarar 2016, kuma mutum ɗaya kan samu har jeri shida. Manhajar tana duba waƙoƙin da aka fi saurara daga asusun, sai ta kasa su rukuni-rukuni bisa kamanceceniya. Mai jin Ali Jita da Hamisu Breaker da rana, da dare kuma Mamman Shata, zai iya tarar da waƙoƙin zamani a jeri ɗaya, na gargajiya a wani.

Kowane jeri yana gauraya waƙoƙin da mutum ya saba ji da wasu sababbi. Sababbin ana zaƙulo su ne daga ɗabi'ar sauran masu sauraro: idan waƙoƙi biyu suna yawan haɗuwa a jerin mutane da dama, manhajar takan ɗauka cewa mai son ɗaya zai so ɗayar. Maimaita waƙa ko adana ta alama ce ta so, saurin tsallake ta kuma alamar ƙi.

Matsalar ita ce manhajar asusu ta sani, ba ta san mai riƙe da waya ba. Idan ƙanin mai asusu ya ɗauki makonni yana jin amapiyano, sai a lissafa shi cikin zaɓin yayansa. Ana gane haka idan jeri guda ya cika da mawaƙan da mai asusun bai taɓa nema ba.

Gyara yana farawa da toshe ƙofa. A canza kalmar sirri, sannan a danna "Sign out everywhere" a shafin asusu don fitar da sauran wayoyi. Daga nan a cire waƙoƙin baƙon daga "Liked Songs", a daina bin mawaƙansa. Jerin da ya yawaita kunnawa kuwa, a buɗe shi, a taɓa ɗigo ukun nan, a zaɓi "Exclude from your taste profile", wanda aka ƙaro a 2023. Wannan yana rage tasirin sauraren jerin na baya da na gaba.

Sauran aikin sai a hankali, domin babu maɓallin da ke goge tarihi gaba ɗaya. Mai asusun ya riƙa kunna mawaƙansa har ƙarshen waƙa, yana ɓoye baƙin waƙoƙi a cikin Daily Mix. Da yake sauraren kwanan nan yana da nauyi a lissafin, jerin zai riƙa komawa daidai.

Idan aron waya ya zama dole, a kunna "Private session" kafin miƙa ta. Takan kashe kanta bayan awa shida. Iyalin da ke sauraro kullum kuwa, tsarin Duo ko Family ya fi musu, domin kowa na da asusunsa da tarihinsa.