Turare a Damina: Ina Ya Kamata a Shafa?

A watan Agusta, mutum zai fesa turare da ƙarfe bakwai na safe, kafin azahar ya neme shi ya rasa. Sai ya ɗora wa mai shago laifi, wai jabu ya sayar masa. Sau da yawa turaren lafiyarsa ƙalau, wurin da aka sa shi ne bai dace ba.

Shawarar da aka saba ji ita ce a shafa a wuyan hannu, bayan kunne da lanƙwasar gwiwar hannu, saboda jijiyoyin jini suna kusa da fata, ɗuminsu yana tayar da ƙamshi. A ƙasar sanyi wannan dabara ce. A wurinmu kuwa zafin ya riga ya yi yawa, ƙarin ɗumi sai dai ya sa turaren ya tashi da wuri. Ga kuma gumi, wanda ba ya saurin bushewa idan iska ta cika da laima. Yana kwance a fata yana tsarma turaren, hankici ya zo ya kwashe sauran. Mai sallah yana da ƙarin dalili: wuyan hannu, gwiwar hannu da kunne duk ruwan alwala yana bi ta kansu. Alwala biyu, an gama da turaren safe.

Ni dai damtse na fi yarda da shi, wato tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ta waje. Ba ya gumi kamar goshi ko gadon baya, rana ba ta dukansa, hannun riga kuma yana tsare ƙamshin ya riƙa fita a hankali. Bayan wanka a goge jiki ya bushe sarai, a ɗan lakaci basilin marar ƙamshi a shafa, sannan a fesa sau ɗaya a kowane damtse. Maiƙon ne yake riƙe turaren. Shi ya sa turaren mai irin almiski ya fi na fesawa jimiri.

Amma tufafi sun fi fata riƙo, don ba su da ɗumin jiki. Matan Barno da ke turara kaya a kan kabbasa sun daɗe da gane wannan. Fesa cikin hula, gefen mayafi ko cikin wuyan riga, daga nisan kamar taƙi ɗaya. A kula da farar shadda: turaren mai, musamman oudi mai duhu, yana barin tabon da wanki ba ya fitarwa da sauƙi. A gwada a cikin kalmasa tukuna.

Hammata kam a bar ta. Turare da gumin wurin idan suka haɗu, wanda ke kusa da kai a cikin adaidaita sahu ne zai sha wahala. Kuma kafin ka ƙara fesawa, tambayi na kusa ko yana ji, don hancinka yakan saba da ƙamshin cikin ɗan lokaci ya daina sanar da kai.