Daƙiƙa Uku a Hannun Chikondi

Ƙwallo ta faɗo hannun Chikondi, sai ta ƙame. 'Yan ƙungiyarsu na ta ɗaga mata hannu, ita kuwa idonta na kan takalmanta. Kafin ta ankara alƙaliyar wasa ta busa usur, aka karɓi ƙwallon aka miƙa wa abokan karawa. Laifinta ɗaya ne: ta riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 3.

Chikondi ba yarinyar gaske ba ce. Ni na ƙirƙire ta, na sa ta a wata makarantar firamare a Malawi, don in nuna yadda ake gina gajeren labarin yara a kan yarinya mai noƙewa da ta shiga ƙungiyar netbol. Na zaɓi Malawi ne saboda can wasan ya yi kaka-gida a makarantu, kuma ƙungiyar matan ƙasar na cikin waɗanda ake ji da su a Afirka, tare da na Yuganda da Afirka ta Kudu.

Mai karatu na iya tambaya, shi netbol ɗin mene ne? Ɗan uwan ƙwallon kwando ne. A 1891 James Naismith ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a Amurka, ba a jima ba wasan ya isa wata kwalejin horar da malamai mata a Ingila, inda aka yi ta sauya masa ƙa'idoji har ya zama wani wasa daban. An buga gasar duniya ta farko a Ingila a 1963, kuma sai a 2023 aka kawo ta Afirka, a birnin Cape Town, inda Ostiraliya ta ɗauki kofi. Kowane ɓangare 'yan wasa bakwai ne. Filin yana da tsawon mita 30.5, an raba shi gida uku, kuma a kowane ƙarshe akwai sanda mai tsawon mita 3.05 da zobe a samanta, ba tare da allon nan da ke bayan zoben ƙwallon kwando ba.

Abin da ya sa wasan ya dace da irin wannan labari yana cikin ƙa'idojinsa. Wadda ta cafe ƙwallo ba ta da izinin gudu da ita, ba ta kuma tafiya tana buga ta a ƙasa. Dole ta jefa wa wata cikin daƙiƙa 3. Kowace 'yar wasa tana da iyakar inda za ta taka, kuma biyu ne kawai cikin bakwai ɗin aka yarje wa jefa ƙwallo a zobe, su ma sai suna cikin rabin da'irar da ke gaban sandar. Ko cilla ƙwallo daga wannan ƙarshe zuwa wancan ba a yarda ba, sai wata ta taɓa ta a kashin tsakiya. A ƙwallon ƙafa, yaro mai gwaninta zai iya yanke mutum biyar ya ci shi kaɗai. A netbol babu wannan ƙofa. Don haka marubucin da ya san wasan ba ya bukatar ya sa malama ta tara yara ta yi musu wa'azin haɗin kai. Usur ɗin alƙaliya ya isa.

Bari mu koma ga Chikondi. Malamarsu ta ba ta riga mai haruffa biyu, WA, wato mai kai hari ta gefe. Da gangan na ba ta wannan gurbi, domin mai shi ba ta shiga da'irar ci ko kusa. Aikinta ta tsere wa mai tsaronta, ta karɓi ƙwallo, ta miƙa wa masu ci. Ko da na so in ƙare labarin da ita ta ci ƙwallon nasara, ƙa'ida ta ɗaure mini hannu.

Fitowa ta biyu ita ce ƙashin bayan labarin, kuma nan ne ya kamata marubuci ya daɗe. Za a take wasa daga tsakiya. Tadala, mai riƙe da tsakiya, tana tsaye a ƙaramar da'ira da ƙwallo a hannu. Aka busa usur, Chikondi ta ruga ta tsallake layi, ta sami fili fetal, babu mai tsaronta. Amma Tadala na kallon ɗaya gefen. Chikondi ta buɗe baki, murya ta maƙale. Ɗaya, biyu, uku, usur ya sake tashi, wannan karon a kan Tadala.

Da aka tafi hutu Tadala ta zo ta zauna kusa da ita tana haki. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Ashe kina can? Wallahi ban gan ki ba. Ba ni da ido a ƙeya, sai kin kira ni."

A fitowar farko shirun Chikondi ita kaɗai ya cuta. A ta biyu ya ja wa wata hukunci, kuma yaro ɗan shekara takwas zai gane wannan ba sai an fassara masa ba. Yarinyar ta ɗauka cewa idan ta yi shiru ta kauce wa kowa, ba ta dami kowa ba. Sai ga shi a fili an bar mata gurbin da babu mai iya shiga madadinta.

A nan akwai abin da marubuci Bahaushe zai kula da shi. A wajenmu kunya ado ce, ana yabon yarinya da ita. Idan labari ya nuna cewa kunya cuta ce da wasa ya warkar, iyaye za su karanta su yamutsa fuska, kuma suna da gaskiya. Abin da ke damun Chikondi tsoron a ji muryarta ne a wurin da ake bukatarta. Ladabinta ba shi da laifi, kuma babu dalilin da zai sa ta ƙare labarin ta zama mai surutu. Ni ina gane labarin da ya kauce hanya ta wannan alama: idan yarinyar da ke shafin ƙarshe ba ta yi kama da ta shafin farko ba, har ta zama kyaftin tana yi wa kowa tsawa, to marubucin ya musanya ta ne da wata.

Wata alamar kuma ita ce kuskuren wasan kansa. Na taɓa ganin rubutun da jarumarsa ta ɗauki ƙwallo ta ruga da ita har gindin sanda ta ci. Yarinyar da ke buga netbol za ta ajiye littafin nan take, don ta san da tuni an busa. Haka in aka sa mai tsaro ta manne wa mai ƙwallo tana kare ta, alhali dole ta ja baya santimita 90 kafin ta ɗaga hannu.

Fitowar ƙarshe gajeriya ce. An dawo daga hutu, Tadala ta sake tsayawa a tsakiya. Usur ya tashi, Chikondi ta yi kamar za ta hagu, ta karkata dama, mai tsaronta ta wuce. Ta ce, "Tadala, ga ni!" Muryar ba ta da ƙarfi, amma ta isa. Ƙwallo ta zo mata a ƙirji, ta dira, ta juya a kan ƙafar da ta fara saukewa, ta miƙa wa mai ci da ke cikin da'ira.

A rubutuna na farko ƙwallon ta shiga, yara suka ɗaga Chikondi sama. Da na sake karantawa sai na soke shi. Yanzu ƙwallon ta daki bakin zobe ta faɗo, mai tsaron abokan karawa ta cafe, aka juya. Tadala ta wuce ta gefenta a guje, ta ɗan taɓa kafaɗarta, ta ce, "Na ji ki." Chikondi ta bi bayanta da gudu, ta je ta tare tata mai tsaron.