Gidan Haya Kusa da Jami'a: Lissafin da Dillali Ba Zai Yi Maka Ba

Idan dillali ya kai ka ganin gidan haya, lissafi ɗaya yake yi maka. Zai ce ɗaki shida ne, kowanne dubu 400 a shekara, ka ga miliyan 2.4 ke nan kana kwance a gado. Bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya faɗa. Ni ina cikin masu ba mai ɗan jari shawarar ya sayi gidan haya, musamman ɗakunan ɗalibai irin na bakin sabuwar Jami'ar Bayero a Kano, wajen Danbare da Rijiyar Zaki, ko na Samaru a Zariya. Sharaɗina guda ne: ya yi sauran rabin lissafin kafin ya ce ya saya.

Mu ƙaddara wani gida domin misali, kai kuma ka musanya alƙaluman da na unguwarku. Ɗaki shida, kowanne da banɗaki da ɗan kicin a ciki, an yi masa kuɗi naira miliyan 30. A lissafin dillali, miliyan 2.4 a kan miliyan 30 riba ce ta kashi 8 cikin ɗari. To, amma ba miliyan 30 za ta fita daga aljihunka ba. La'ada, in kashi 5 ce, miliyan 1.5. Lauya, binciken takarda da sauya suna, mu sa wata miliyan 1.5. Sannan gyaran farko, don ba a sayar da gidan haya yana cikin ƙoshin lafiya: fenti, kwanon da ke yoyo, famfon da aka ɗaure da roba, tankin ruwa, mu ce miliyan 2. Jarinka na gaskiya miliyan 35 ne.

Sai kuma abin da ke shigowa. Wakilin da zai riƙa karɓar maka haya zai ɗauki kashi 10, gyaran shekara-shekara zai ci wajen dubu 300, kuɗin ƙasa na gwamnati da kwashe masai su ɗauki dubu 100. Babbar ɓarakar ita ce ɗakin da ke zaune ba kowa.

Mutane sukan ɗauka kusa da jami'a ɗaki ba ya kwana. Yana kwana, kuma kwanansa ya fi na gidan iyali tsawo, domin kasuwar ɗalibai sau ɗaya take ci a shekara, lokacin da aka buɗe sabon zangon karatu. Ɗakin da bai samu mai kamawa a waɗannan makonnin ba zai iya kaiwa wata shida a kulle. Ɗalibi kuma baƙo ne, shekara biyu ko uku ya tattara, kuma duk fita tana zuwa da fenti da sabon kwaɗo. Ga yajin aiki. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta rufe azuzuwa kusan wata tara a 2020, ta sake yin wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, a 2022. A irin wannan lokaci ɗalibi yana garinsu, kayansa na cikin ɗakinka, hayarsa ta ƙare, ba ka da kuɗi kuma ba ka da ɗaki. Shi ya sa a gida mai ɗaki shida nake lissafa biyar ne kawai za su biya a kowace shekara. Shekarar da aka cika duka, wannan gyara kayanka ne.

Ɗaki biyar miliyan 2 ke nan. Cire dubu 200 na wakili, dubu 300 na gyara, dubu 100 na sauran hidima, saura miliyan 1.4. A kan miliyan 35, ribar ta dawo kashi 4, rabin abin da aka faɗa maka a ƙofar gida. Da haya kaɗai, sai ka shekara 25 kafin ka mai da uwar kuɗi.

Nan mai hankali zai ce, to me ya kai ni? Sukuk ɗin da gwamnatin tarayya ta fitar a 2025 yana biyan kashi 19.75 a shekara, ba ruwansa da kuɗin ruwa, ba ɗan haya, ba masai. Miliyan 35 a can tana kawo kusan miliyan 6.9. Gaskiya ne, kuma duk wanda yake son abin cefanen yau da gobe, can ya fi masa. Bambancin yana wajen uwar kuɗin. Bayan shekara bakwai gwamnati za ta maido maka miliyan 35 ɗinka daidai yadda ka ba ta, a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 a ƙarshen 2024. Gida kuwa yana bin farashin fili da na siminti, haya ma ana ɗaga ta. Don haka ribar gidan haya tana cikin ƙasar da yake kai, hayar aikinta ta ciyar da ginin har lokacin da filin zai yi daraja. Wanda ya ci bashi ya sayi irin wannan gida da niyyar haya ta biya, ya shiga uku tun ranar farko.

Wannan lissafin ne kuma zai gaya maka farashin da za ka tsaya a kai. In kana son kashi 6 bayan an cire komai, miliyan 1.4 ba ta ɗaukar jarin da ya wuce miliyan 23 da 'yan kai. Ko mai gida ya sauko, ko ka ga akwai sarari a tsakar gida da za a ƙara ɗaki biyu, ko ka yi sallama. Gidan da ke da sararin ƙari ya fi gidan da ya sha tayil.

Yadda za ka gane ko ɗakunan suna cika ba ya buƙatar ƙwararre. Ka nemi rasit na hayar shekara biyu da suka wuce, ɗaki-ɗaki. Ka koma ba tare da dillali ba, bayan sallar isha'i, a tsakiyar zangon karatu, ka ƙirga ƙofofin da aka garƙame ta waje. Kada ka dogara da hasken taga, domin wutar kanta ba lallai ne a kawo ba. Ka tambayi mai garuwa jarka nawa yake shigarwa gidan a rana, ka tambayi mai shagon kusa ko ruwa yana shiga layin a watan Agusta. In layin cike yake da allunan neman 'yan haya, amsar ta fito.

Duk waɗannan asara ce ta wani ɓangare. Abin da ke cinye jari ɗungurungum shi ne takarda. Dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, kuma sauya mallaka ba ya cika sai da amincewarsa. A Kano, lauyanka ya je KANGIS ya duba ko sunan da ke kan takarda shi ne na mai sayarwa, ko an jinginar da gidan a banki, ya kuma tabbatar a KNUPDA cewa ginin yana da izini. Rusau ɗin da aka yi a birnin a 2023 ya nuna takarda ma ana iya tuhumar asalinta. In gidan gado ne, kada ka biya sai da takardar rabon gado ta kotu da sa hannun kowane magaji, har 'yar'uwar da ke aure a wani gari.

Sai ɗan hayar da ka gada. Mai biyan shekara-shekara, bisa ƙa'ida, yana da sanarwar wata shida, sannan ta kwana bakwai, kafin a je kotu, in dai yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba. Cire masa ƙofa ko kwano kai zai jawo wa shari'a. Saboda haka ka sa a rubuta cikin takardar ciniki wane ɗaki ne aka riga aka karɓi hayarsa, zuwa wane wata, a kuma cire wannan kuɗin daga abin da za ka biya.