Goge manhaja daban, goge asusu daban

Manhajar Facebook da ke cikin waya ba ita ce ke riƙe da asusun mai wayar ba. Aikinta kai saƙo da kawowa: duk lokacin da aka buɗe ta, sai ta tuntuɓi manyan kwamfutocin kamfanin Meta ta intanet, ta karɓo hotuna da rubuce-rubuce da saƙonni, ta jera su a fuskar waya. Ainihin asusun, wato suna, lambar waya, jerin abokai, hotuna da duk abin da aka taɓa wallafawa, yana ajiye ne a cibiyoyin adana bayanai na kamfanin, irin wadda aka buɗe a Prineville ta Amurka a 2011 da ta Luleå a ƙasar Suwidin a 2013. Wanda ya goge manhajar banki daga wayarsa ya san kuɗinsa na nan a banki, bashin da ake bin sa ma yana nan. Haka lamarin yake a nan.

Idan aka danna Uninstall, wayar ce kaɗai ke yin aiki. Tana share fayilolin manhajar, da hotunan wucin gadi da ta tara don saurin buɗewa, da ɗan makullin sirrin da ke sa mutum ya shiga kullum ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Ba ta aika wa kamfanin umarnin rufe komai. Daga can ɓangaren, abin da ake gani kawai shi ne wannan waya ta daina leƙowa, kuma shiru ba buƙata ba ce. Wanda wayarsa ta faɗa ruwa, da wanda aka ƙwace wa waya, da wanda datarsa ta ƙare, duk irin wannan shirun suke yi. Da a ce goge manhaja na kashe asusu, da duk wanda ya sauya waya ya rasa abokansa da hotunansa. A wasu wayoyin ma Facebook na zuwa ne a dase daga masana'anta, babu maɓallin Uninstall, sai Disable, wanda ke kwantar da manhajar kawai.

A ɗauki misalin wani tela da ya buɗe Facebook da layinsa, yana ɗora hotunan ɗinki da lambar wayarsa. Bayan shekara uku ya gaji da surutun, ya goge manhajar, hankalinsa kwance cewa ya fita. Shafinsa kuwa yana nan a buɗe. Mai neman sunansa zai same shi, hotunan suna nan, ana ta aiko masa saƙo, ranar zagayowar haihuwarsa abokai na ta yi masa fatan alheri a shafin da ba ya gani. Facebook ba ya rufe asusun da aka yi amfani da shi don kawai mai shi ya kwana biyu bai shiga ba.

Matsalar takan taso ne daga layin. A ce telan ya ajiye wancan sim ɗin ya koma wani. A Najeriya, layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfanin sadarwa na karɓe shi ya sayar wa wani. Lambar kuwa har yanzu tana maƙale da tsohon asusun. Idan sabon mai layin ya shigar da lambar ya danna Forgot password, lambar tabbatarwa wayarsa za ta shigo, daga nan zai iya sa sabuwar kalmar sirri. In mutumin banza ne, sai ya fara bin abokan telan ɗaya bayan ɗaya da saƙon "ina asibiti, a taimaka da dubu biyar". Telan ba zai sani ba sai wani ya kira ya yi masa jaje. Asusun da aka bari babu mai dubawa ya fi wanda ake shiga kullum sauƙin sata, domin gargaɗin da kamfanin ke aikawa ba ya samun mai karantawa.

Gane ko asusu na raye ba shi da wuya. A nemi wani aboki ya binciki sunan a wayarsa, ko a buɗe facebook.com a burauza a shigar da lamba da kalmar sirri. In ya buɗe, babu abin da aka goge.

Rufewa ta gaskiya daga cikin asusun ake neman ta. Ana bi ta Settings, a shiga Accounts Center, sai Personal details, sai Account ownership and control, sai Deactivation or deletion. Kamfanin kan sauya wurin waɗannan sunaye lokaci zuwa lokaci, amma zaɓi biyu ne a ƙarshe, kuma nan mutane da yawa ke ruɗewa. Deactivate account ɓoye shafin kawai yake yi: komai na nan a ajiye, ranar da aka sake shiga ya dawo yadda yake. Delete account shi ne gogewa. Bayan an danna shi akwai wa'adin kwana 30, wanda a cikinsa mai asusu zai iya shiga ya soke buƙatar. In wa'adin ya cika, babu dawowa, kuma kamfanin ya ce share komai na iya ɗaukar har kwana 90 daga fara aikin. Saboda haka mai son hotunansa sai ya sauke su kafin ya danna, kuma in akwai wasu manhajoji da yake shiga da Facebook, ya sauya musu hanyar shiga tukuna. Goge manhajar shi ne mataki na ƙarshe. Wanda ya fara da shi, ya kuma manta kalmar sirri ga layi ya tafi, shi ne ke shan wahalar shawo kan kamfanin cewa asusun nasa ne.

WhatsApp ya ɗan bambanta, har ma ana iya cewa a juye yake. Hirarrakinsa a cikin waya suke zaune, don haka goge manhajar na iya tafiya da su in ba a ajiye kwafi a Google Drive ko iCloud ba. Asusun kuwa yana nan: sunan mutum na cikin guruf-guruf, masu lambarsa na ganin hotonsa, saƙon da aka aiko masa na tsayawa a kan alamar shiga guda ɗaya. Wato an rasa abin da ake so a riƙe, an bar abin da ake so a rufe. Kamfanin kan share asusun da ya yi kwana 120 bai hau intanet ba, amma mai son fita nan take sai ya bi Settings, sai Account, ya nemi wurin goge asusu.

Ko gogewar gaskiya tana da iyaka. Saƙonnin da aka aika wa wasu suna nan a akwatinsu, hoton da wani ya sauke ko ya ɗauka daga fuskar wayarsa ya zama nasa, kuma lambar mutum na iya kasancewa a hannun kamfanin ta hanyar abokan da suka ɗora jerin lambobin wayarsu. Kamfanin kan kuma riƙe wasu bayanai saboda shari'a ko binciken saɓa ƙa'ida. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum haƙƙin neman a share bayanansa, sai dai dole ya gabatar da buƙatar ga mai riƙe da su, kuma in an ƙi saurarensa yana iya kai ƙorafi ga hukumar kare bayanai ta ƙasa.