Jabun 'yar dubu: abin da hoton mai shago ya nuna

Wani mai shagon kayan masarufi a unguwarmu ya zauna lissafin ciniki bayan sallar isha'i, sai ya ci karo da 'yan dubu-dubu guda uku da hannunsa bai yarda da su ba. Bayan magariba aka kawo su, babu wuta, an cusa su a tsakiyar kuɗi masu kyau. Ya ɗauke su hoto don ya gargaɗi maƙwabtansa, kuma yadda ya ɗauki hoton ne ya burge ni. Ya jera kowace jabu kusa da ta gaske, ya ɗauka sau ɗaya a kan tebur, sannan ya sake ɗauka da tocilan a bayansu.

A hoton kan tebur, sai ka rantse duk ɗaya ne. Ga Alhaji Aliyu Mai-Bornu, ga Dakta Clement Isong, kamar yadda suke a kan naira dubu tun fitowarta a 2005. Launi ma ya yi kusa. Hoton tocilan ne ya tona asiri.

Zaren tsaro shi ne siririn layin nan mai ƙyalli da ya ratsa takardar daga sama zuwa ƙasa. A ido yana kama da tsinkakke, guntu-guntu, saboda tun wajen haɗa takardar aka saƙa shi a jikinta, yana leƙowa yana nutsewa. Da an ɗaga ta gaske a haske sai guntayen su haɗe su zama layi ɗaya mai duhu, da ƙananan haruffan CBN a jikinsa. Mai buga jabu ba shi da injin yin takarda, don haka iyakarsa ya zana guntayen da tawada ruwan azurfa, ko ya liƙa ledar ƙyalli a sama. A hoton mai shagon, zaren jabun ya ci gaba da zama a tsintsinke duk da hasken, kuma a guda ɗaya har gefensa ya fara ɓamɓarewa.

Sai ɓoyayyen hoto, wanda ke wurin da aka bari fari a takardar. Ba tawada ba ce. Kaurin takardar ne aka bambanta, wani wuri ya yi kauri wani ya yi shara-shara, shi ya sa fuska da haruffan CBN ke fitowa da laushin inuwa idan haske ya ratsa. A kan tebur da ƙyar ake ganinsa. Na jabu kuwa akasin haka yake: da tawada mai dishi-dishi aka buga shi, ana ganinsa ko ba a ɗaga ba, in kuma an ɗaga sai ya zama dabbare, babu ido babu hanci.

Abu na uku waya ba ta iya kama shi sosai, sai yatsa. Ana buga fuskoki da manyan rubuce-rubucen kuɗin gaske da faranti mai sassaƙa, a danna da ƙarfi har tawadar ta tashi tudu. Ka ja farce a kan rubutun sama ko kafaɗar rigar, za ka ji kaushi. Jabu sumul take kamar takardar littafi. Abin da hoton ya iya nunawa, da aka zuƙo shi, shi ne siraran layukan fuskar ta gaske suna nan tsaf ɗaya bayan ɗaya, na jabun kuma sun narke sun zama ɗige-ɗige irin na firinta.

A nan ne mutane ke yin kuskure. Tsohuwar takarda da ta sha hannu da gumi takan rasa kaushinta alhali ta gaske ce. Haka kuma sababbin kuɗin da aka fitar a Disambar 2022, in an goga su a farin abu sukan bar ɗan launi, kuma kamfanin buga kuɗi na ƙasa ya bayyana cewa halin irin wannan tawadar ce. Kada ka ci mutuncin mai saye a kan alama ɗaya. Haɗa biyu ko uku tukuna.

Wani abu kuma da mai shagon bai lura da shi ba sai da ya duba hoton: lambar da ke kan jabun nan uku iri ɗaya ce sak. Kuɗin gaske kowace takarda da tata lambar.

Asarar dubu uku da ciwo, amma kada ka ce bari in tura wa wani a canji. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta tanadi ɗaurin aƙalla shekara 5 ga mai buga jabu, kuma kashe ta da sani ma laifi ne. Ka ware ta, ka kai banki ko ofishin 'yan sanda. Sannan ka rataya ɗan tocila kusa da aljihun teburinka, duk 'yar dubu ko ɗari biyar da ta zo bayan magariba ka ɗaga ta kafin ka ba da canji.