Jam'iyyar taimakon juna: ina kuɗinka yake kwana?

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirin wannan mako.

Daga ƙauyukan Jazira har Maiwurno ta bakin Shuɗin Nilu, kowa ya san adashi, wanda Larabawan Sudan ke kira sanduƙ: a zuba, mutum ɗaya ya kwashe, zagaye ya ƙare. To, jam'iyyar taimakon juna ba haka take ba. A nan kuɗin ba ya ƙarewa da zagaye. Zama yake yi, ana juya shi, yana haihuwa.

Mu ɗauki misali, ba wata jam'iyya muke nufi ba. A ce mutum 40 sun haɗu, sun yanke cewa hannun jari ɗaya fam 10,000 ne. Wani ya sayi biyu, wani biyar, wani goma, duka suka tashi hannu 200. Ka ga asusu ya zama fam miliyan 2. Hannun jarinka ba ajiya ba ne da za ka ɗauka ranar da ka ga dama. Rabonka ne na mallakar jam'iyyar, riba da asara duk da kai. Amma a wurin taro, mai hannu goma da mai hannu ɗaya ƙuri'a ɗaya-ɗaya gare su.

Sai batun rance. Tunda ana gudun riba ta haram, hanyar da aka saba da ita a Sudan ita ce murabaha. A ce bazara ta yi, ciyawa ta ƙare, kana neman ƙuli da dusa na fam 100,000. Ba za a damƙa maka kuɗi ba. Jam'iyya za ta sayi kayan da kanta, su shiga hannunta, sannan ta sayar maka a kan 112,000, ka biya cikin wata huɗu, 28,000 duk wata. Farashin da aka yanke ba ya ƙaruwa ko ka makara. Shi ya sa ake neman 'yan jam'iyya biyu su tsaya maka, ana kuma ƙayyade bashinka gwargwadon jarinka. Kai makiyayi, ka sa a daidaita ranakun biya da lokacin da kake gida ko kake sayar da dabba, kada wa'adi ya riske ka kana mashekari.

Wannan 12,000 ɗin fa, ina za ta? Asusu take komawa. A ce a ƙarshen shekara irin wannan ribar ta taru ta kai 400,000. Za a fara cire abin da aka kashe, kamar littattafai da kuɗin mota, a ce 40,000. Saura 360,000. In ƙa'idar jam'iyyar ta ce a ware kashi ɗaya cikin huɗu don ranar tsiya, 90,000 ke nan. Ragowar 270,000 a raba wa hannu 200, kowane hannu ya sami 1,350. Mai hannu biyar zai tafi da 6,750.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Na farko, faɗuwar darajar kuɗi. A 2021 hauhawar farashi a Sudan ta wuce kashi 300 cikin 100, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya ƙara karya fam. Jarinka na 10,000 ya haifi 1,350, amma in kuɗin buhun dawa ya ninka a shekarar, a takarda ka ci riba, a kasuwa ka yi asara. Maganinsa shi ne kada kuɗi ya daɗe a akwati: a gajarta wa'adin bashi, a mai da wani kaso hatsi a rumbu lokacin kaka. Idan an zo rabo, ka tambaya: bara buhu nawa jarinmu zai saya, bana nawa?

Na biyu, ribar da ba ta shigo ba. In mutum uku masu bashin 100,000 kowanne suka tsallaka iyaka ba su dawo ba, 300,000 ta tafi, ta haɗiye duk abin da za a raba. Jam'iyyar da ta yi rabo a irin wannan hali, uwar kuɗinku take yanka muku, kuna murna.

Yaya za ka gane? Ka nemi a karanta jerin masu bashi a gaban taro, da ranar biyan kowa. Ka duba ko mai riƙe littafi daban ne da mai riƙe akwati. In shugabanni ne suka fi kowa bashi, ko ana ta ɗage taron shekara, to da walakin. Kuma duk abin da ka zuba, a rubuta a katinka, a sa hannu kana tsaye.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A huta lafiya.